Rance ko adashi: yadda ake auna wanda ya dace kafin sayen kayan salun

Mai kitso da ta gaji da tura kwastomominta su je wani shago a wanke musu kai a busar, sannan su dawo ta yi musu kitso, ta san kuɗin da ke wuce ta kullum. Matsalar ita ce diraya da kwanon wanke kai da janareta ba a tara kuɗinsu daga cinikin mako ɗaya. Hanyoyin da aka fi bi guda biyu ne: a karɓi rance a sayi kayan yau, a biya da ƙari, ko a shiga adashi a jira kwasa. Kowacce da tsadarta. Tsadar rance a rubuce take, kuɗi ne za ki ƙirga ki bayar. Tsadar adashi kuwa ita ce cinikin da zai wuce ki a watannin da kike jira, kuma tunda ba a ganinta a takarda, mutane da yawa ba sa lissafa ta. Aikin da ke gabanmu shi ne mu mayar da su biyun naira da naira, mu ajiye su gefe da gefe.

Abubuwan da za ki tanada

Littafi da biro, da kalkuletar waya. Lissafin shiga da fita na shagonki na aƙalla wata uku. Farashin kayan daga shaguna uku daban, a rubuce da kwanan wata. Takardar sharuɗɗan rance daga wurin da kike tunanin karɓa, da jadawalin biya. Sai bayanin adashin: mutum nawa ne, nawa ake zubi, duk yaushe, da kuma lambar da za a ba ki.

In ba ki da lissafin wata uku, kada ki yi ƙiyasi da ka, domin zuciya cinikin jajibirin sallah take riƙewa ta manta da ranakun da ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Ki fara rubutawa daga yau har kwana talatin. In kwastomominki da taransifa suke biya, saƙonnin banki da ke wayarki za su cike miki rabin aikin.

Alƙaluman da ke ƙasa misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. Farashi yana sauyawa, sai ki sa naki a gurbinsu.

1. Ki raba kayan da ke kawo kuɗi da kayan ƙawa

Ki rubuta duk abin da kike so, sannan a gaban kowanne ki amsa tambaya ɗaya: wane aiki ne zan fara cajin kuɗi a kansa saboda wannan abu? Diraya ta tsaye tana da amsa, haka kwanon wanke kai da kujerarsa. Babban madubi mai fitilu, talabijin, da sabon fenti ba su da ita. Suna da daɗin gani, amma ba a cin bashi dominsu.

A misalinmu mai shagon tana Kano, ta zaga Sabon Gari ta dawo da wannan: diraya ta tsaye naira 150,000, kwanon wanke kai da kujera 180,000, janareta 200,000, sai dirayar hannu da tawul-tawul da famfo da kuɗin mai haɗawa 70,000. Jimla 600,000.

Janaretan nan shi ne aka fi mantawa. Duk na'urar da ke yin zafi tana cin wuta sosai. Dirayar hannu mai kyau tana jan wat 1,800 zuwa 2,000, ta tsaye kuma wajen wat 1,000 ko sama da haka. Ƙaramin janaretan da ake kunna fanka da fitila da shi ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata. Ki duba bayan kowace na'ura, za ki ga an rubuta wat ɗinta, ki haɗa na waɗanda za su yi aiki a lokaci guda, ki nuna wa mai sayar da janareta. Wadda ta ci bashi ta sayi diraya babu wutar kunna ta, wata zai ƙare ta fara biya diraya na lulluɓe da zane.

2. Ki gano rarar shagonki ta yanzu

Daga cinikin wata ki cire kuɗin kayan aiki, da abin da kike ba yaran shago, da kason haya na wata ɗaya ko da shekara-shekara kike biya, da abin da kike ɗauka na cefane da hidimar gida. Abin da ya saura shi ne rara. Ki fitar da lamba biyu: rarar wata na yau da kullum, da rarar watan da ya fi kowanne mutuwa. Kowace mai salun ta san nata watannin. Farkon azumi kasuwa takan kwanta, ta tashi a goman ƙarshe, ta sake kwanciya bayan sallah, ga kuma ranakun damina da ruwa ke hana mata fitowa.

Mai shagonmu ta samu rarar 90,000 a wata na yau da kullum, 70,000 a watan da ya mutu. Da 70,000 ɗin za a yi aiki, domin banki da uwar adashi duk ba su san an shiga damina ba.

3. Ki ƙiyasta abin da kayan za su ƙaro

Ki ƙirga mutanen da kika riga kika sani za su nemi wankin kai a wurinki, wato waɗanda yanzu kike turawa wani wuri. Ban da waɗanda kike fatan za su zo. A ce mutum uku ne a rana, kowacce 2,500, an samu 7,500. Sabulun wanke kai, man gashi, ruwan ɗan garuwa da fetur sun ci 3,000, saura 4,500. A kwana 24 na aiki ya zama 108,000.

Yanzu ki zubar da kashi ɗaya cikin uku, saboda ranar da janareta zai ƙi tashi da makon da kasuwa za ta yi sanyi. Saura 72,000. Wannan ita ce ribar kayan a wata, kuma ita ce abin da kike asara duk watan da kayan ba su iso shago ba. Ki ja mata layi a littafi, za mu dawo kanta.

Game da fetur, ki saka farashin da kike saya yau. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, fetur ya zama babban kaso a kuɗin busar da kai, kuma tsohon lissafi ba ya aiki.

4. Ki fitar da ainihin tsadar rancen

A nan ake yawan faɗawa rami, don haka a tsaya a natsu. In ma'aikacin banki ya ce miki ruwan kashi 4 ne cikin 100 a wata, ki tambaye shi: a kan me ake lissafa shi? Hanya biyu ce. Akwai wadda suke kira filat, wato kowane wata a lissafa ruwan a kan dukan kuɗin da kika karɓa tun farko, ko da kin biya rabinsu. Akwai kuma wadda ake lissafawa a kan abin da ya rage a kanki kawai.

Ga bambancinsu a rancen 600,000 na wata goma. A filat, ruwan kowane wata 24,000 ne, sau goma 240,000. Za ki biya 840,000 gaba ɗaya, wato 84,000 duk wata. In kuwa a kan abin da ya rage ne, kina rage 60,000 na uwar kuɗi kowane wata, watan farko ruwan 24,000 ne, na biyu 21,600, haka yake sauka har watan ƙarshe ya zama 2,400. Jimlarsa 132,000. Kashi 4 ɗin bai sauya ba, amma tsakaninsu akwai naira 108,000. Ƙananan bankuna da yawa filat suke yi, saboda haka da shi za mu ci gaba.

Bayan ruwa, akwai abin da ake cirewa tun kafin kuɗin su shigo hannunki: kuɗin fam, kuɗin gudanarwa, inshora. A ce sun kai kashi 3, wato 18,000. Wasu wuraren kuma sukan riƙe wani kaso a matsayin ajiyar dole sai kin gama biya. In kashi 10 ne, 60,000 sun kwanta. Kin sa hannu a kan 600,000, abin da ya shigo 522,000, kuma ruwan a kan 600,000 ake lissafa shi. Mai shagonmu sai ta cika 78,000 daga aljihunta kafin kayan su cika. Ajiyar dolen za ta dawo mata a ƙarshe, don haka tsadar rancen ita ce 240,000 da 18,000, wato 258,000.

Kada ki bar ofishin sai kin sami amsar waɗannan a rubuce: nawa zai shigo hannuna, nawa zan biya duka, yaushe ne biyan farko, mako-mako ne ko wata-wata, nawa ne tarar jinkiri, kuma in na biya da wuri za a rage min ruwa? Biyan farko yana da muhimmanci, domin wasu tun mako mai zuwa suke fara karɓa, alhali mai famfo bai ma gama haɗa kwanon ba.

Abu uku kuma da ya kamata ki sani kafin sa hannu. In rancen ƙungiya ne, inda mata biyar ko goma ke tsaya wa juna, ranar da ɗaya ta gaza ku ne za ku cika. Na biyu, tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin da ke ba mai ba da rance damar cire kuɗinsa daga sauran asusunki na wasu bankuna ta hanyar lambar BVN in kin daina biya, kuma a cikin takardun da kike sa wa hannu ne ake karɓar amincewarki. Na uku, rancen manhajojin waya ba na sayen kayan aiki ba ne. Wa'adin yawancinsu mako biyu ne zuwa wata ɗaya, diraya kuwa ba ta mayar da kuɗinta a wata ɗaya. Wasunsu kuma sun yi ƙaurin suna wajen tura wa mutanen da ke cikin wayar mutum saƙon tozarci, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta shiga maganar. Ki tsaya ga wanda ke da lasisin Babban Banki.

Ga wadda ba za ta taɓa rance mai ruwa ba saboda riba ce, wannan matakin bai faɗi ba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus, suna da tsarin murabaha: banki ya sayi kayan, ya sayar miki da ribar da aka yanke tun farko, ki biya kashi-kashi, farashin kuma ba ya ƙaruwa. Ki cire farashin kasuwa daga farashin da suka ba ki, ki ƙara sauran caje-caje, abin da ya fito shi ne lambar da za ki sa a gurbin 258,000. Sukan nemi takardar farashi daga mai kaya da kuma mai tsaya miki, sai ki tanade su tun kafin ki je.

5. Ki fitar da tsadar adashin

Adashin misalinmu mata goma ne, zubin 60,000 duk wata, kwasa 600,000. Abin da kika zuba shi za ki kwasa, sai dai in uwar adashi na cire wani abu na ɗawainiyarta, wanda ya kamata ki tambaya tun farko ki rubuta.

Tsadarsa tana cikin lambarki. Duk watan jira, 72,000 ɗin nan da muka ja wa layi sun wuce. Ga kuma farashin kayan da ba ya jiran kowa. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, kuma kayan salun galibi daga waje ake shigo da su, suna bin dala. In kayan na tashi da kashi 2 a wata, 12,000 ke nan a kan 600,000. Watan jira ɗaya ya zama 84,000.

Wadda ta samu lamba ta biyu, wata ɗaya ta jira, asararta 84,000, sannan ta ci gaba da zubi daga ribar kayan: ta samu rance marar ruwa ke nan. Wadda ta samu ta tara ta jira wata takwas, asararta 672,000, kuma ranar kwasa 600,000 ɗin ba za su sayi kayan da aka yi mata farashi ba. Wannan tanadi kawai ta yi, ta kuma ranta wa waɗanda suka riga ta.

6. Ki ajiye su gefe da gefe

Ki raba tsadar rance da tsadar watan jira ɗaya. 258,000 a raba da 84,000 ya ba da uku da ɗan ɗoriya. Ma'anarsa, in jiranki bai wuce wata uku ba, wato lamba ta ɗaya zuwa ta huɗu, adashi ya fi sauƙi. Daga lamba ta biyar zuwa sama, rancen ya fi sauƙi a lissafi, duk da ruwansa.

Ki lura da yadda wannan lamba ke motsi. In ribar kayan 30,000 ce kawai a wata, watan jira 42,000 ne, kuma sai jira ya wuce wata shida kafin rance ya yi gaba. Wato duk lokacin da ba ki da tabbacin kwastoma, lissafin adashi yake goya wa baya. Wadda za ta buɗe sabon shago, ba ta da ko kwastoma ɗaya da za ta ƙirga a mataki na 3, shawarata kada ta fara da rance.

7. Ki gwada ko za ki iya ɗauka a watan da ya mutu

Abu ya yi araha daban, ki iya biyansa daban. Zubin adashi kafin kwasa daga tsohuwar rararki kaɗai zai fito, domin kayan ba su zo ba. Mai shagonmu tana da 70,000 a mummunan wata, zubi 60,000 ne, saura 10,000. Ciwon yaro ɗaya ya isa ya sa ta karya zubi. Hannu guda ya yi mata nauyi.

A rance kuwa tana da 70,000 da 72,000 na sabbin kaya, wato 142,000, biya 84,000. Da gani akwai sarari. Amma ki cire ribar kayan na wata ɗaya, a ce janareta ya lalace, sai ki ga 70,000 ba su kai 84,000 ba, tara ta fara hawa. Ƙa'idar da ta fi zama lafiya ita ce kada biyan wata ya wuce rabin rarar mummunan wata, kuma a ajiye kuɗin biya ɗaya a gefe tun ranar da aka karɓi rancen. A nan rabin 142,000 shi ne 71,000, biyan kuma 84,000, saboda haka rancen 600,000 ma ya ɗara ƙarfinta.

8. In duka biyun sun yi nauyi, ki raba sayayyar

Wannan shi ne abin da ya fi dacewa da mai shagonmu. Ta shiga rabin hannu, ita da wata da ta yarda da ita su haɗa hannu guda, kowacce na zuba 30,000, su raba kwasa 300,000 kowacce. Da nata ta sayi janareta da dirayar hannu da tawul da sauran ƙananan abubuwan da ke cikin 70,000 ɗin nan, 270,000. Wankin kai a ci gaba da yinsa da roba da buta, tunda abin da ke kai kwastoma wani shago shi ne busarwa. Aiki ya fara, kuɗi na shigowa, kwanon da dirayar tsaye kuma su jira zagaye na biyu, ko a karɓi ƙaramin rance na 330,000 wanda biyansa a sharaɗin da muka gani 46,200 ne a wata.

Akwai wasu hanyoyin rage nauyin. Shagon da ake rufewa yakan sayar da kujeru da kwano a rabin kuɗi, kuma su ba sa lalacewa da wuri. Diraya ta hannu-biyu kuwa sai an kunna ta a gabanki ta yi minti goma sha biyar, kin ji zafinta na daidai, babu ƙaurin waya, agogonta kuma yana kashe ta da kansa. Wasu masu kaya sukan yarda ki ba da kafin alƙalami su ajiye miki a tsohon farashi har ranar kwasa. Ki karɓi rasit da aka rubuta sunan kayan da farashin da ranar ɗauka, in ba haka ba ranar za a ce miki kaya sun tashi.

Za ki iya kuma neman musayar lamba da wadda ba ta da gaggawa, a gaban uwar adashi, a rubuta. In ta ce sai kin ɗora mata wani abu kafin ta bar miki, ki tambayi malami tukuna, domin ƙari a kan bashi shi ne abin da kika gudo.

9. Ki binciki adashin kamar yadda banki ke bincikenki

Kuɗin adashi babu hukumar da ta tsaya musu. In ya rushe, sai dai sulhu ko kotu. Ki tambayi zagaye nawa aka kammala a hannun wannan uwar adashi, ki kuma yi magana da wadda ta kwasa ta ƙarshe a zagayen da ya wuce, domin ita ce ta san ko kuɗin sun cika kuma ko a kan lokaci suka zo. Ki san sana'ar kowace mamba. In rabinsu ba a san inda suke samun 60,000 a wata ba, ki janye. Ki tambayi me ake yi in wata ta kwasa ta daina zubi, in ta yi ƙaura, ko in ta rasu. Adashi mai tsari yana da amsa: ko uwar adashi ce ke cikawa, ko wadda ta kawo mutum ita ce ke tsaya mata.

Alamun da ke nuna matsala ba su da wuyar gani. Uwar adashi ɗaya na riƙe da adashi huɗu ko biyar tana cike wannan da kuɗin wancan. Akwai hannaye biyu ko uku da ba a san masu su ba, kuma duk a farko suke. Kwasar wata ta zo rabi, an ce sauran sai mako mai zuwa. Mambobi ba su san juna ba sai a rukunin waya. Sabuwar shiga ba kasafai ake ba ta lambar farko ba, kuma hakan daidai ne, don haka in baƙin mutane suka yi miki tayin kwasa ta biyu ba tare da sun san shagonki ba, ki tambayi kanki su wa kuma suka yi wa irin wannan tayin.

Ki riƙa zubi ta taransifa don shaida ta zauna a wayarki, ko ki sa a sa hannu a littafinki duk zubi.

10. Ranar da kuɗin suka shigo

Ko na banki ne ko na adashi, kada su kwana biyu a hannunki. Kwasar adashi kowa a unguwa ya san ranarta, kuma a ranar ne ake tuna ki da anko da gudummawar biki da ɗan'uwan da ke neman a ranta masa zuwa ƙarshen wata. Ki riga ki sabunta farashi mako guda kafin ranar, ki shirya mai famfo da mai wuta, in ma zai yiwu ki sa uwar adashi ta tura kuɗin kai tsaye asusun mai kaya.

Daga ranar da kayan suka fara aiki, ki ware kuɗin wankin kai da busarwa a wuri dabam da na kitso, ki riƙa cire kason biya kullum da yamma. Biyan 84,000 a kwana 24 na aiki 3,500 ne a rana, zubin 30,000 kuma 1,250. Bayan wata biyu ki buɗe littafi ki gwada abin da kayan suka kawo da 72,000 ɗin da kika ƙiyasta. In bai kai ba, ki dakatar da sayen kashi na biyu, ki fara duba kuɗin fetur da farashin da kike caji.